Rubuta Memoriyal na Mai Ɗaukaka Ƙara a Kotun Gwaji: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban lauya a nan Kaduna da na Kongo a Zariya suke yawan maimaitawa duk lokacin da aka raba matsalar gasar kotun gwaji, ƙuri'a kuma ta faɗa musu a ɓangaren mai ɗaukaka ƙara. Na ɗauki shari'a guda ta misali, wadda na shimfiɗa a amsa ta 2, na bi ta har ƙarshe. Da Turanci za ku rubuta memoriyal ɗinku, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa shi na kawo a nan da Hausa.

1. Mene ne memoriyal, kuma me ya bambanta na mai ɗaukaka ƙara da na ɗaya ɓangaren?

Memoriyal shi ne rubutacciyar hujjar da kowane ɓangare yake miƙa wa alƙalan gasa kafin ranar muhawara. A gasannin da suke kwaikwayon kotunan Najeriya, siffarsa ita ce ta takardar hujja da lauyoyi suke shigarwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda suke kira birif. A kotun gaske, ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun ba mai ɗaukaka ƙara kwana 45 bayan ya karɓi kundin shari'a, kuma birif ɗinsa ba zai wuce shafi 35 ba. A gasa kuwa, dokokin masu shiryawa su ne gaba da komai: yawan shafi ko kalmomi, girman harafi, launin bango, ranar miƙawa. Ku karanta su kafin ku buɗe littafin doka ko ɗaya, domin maki yakan zube a nan tun ba a kai ga hujja ba.

Bambancin kuwa babba ne. Ɗaya ɓangaren yana da hukunci a hannu, aikinsa ya tsare shi. Ku kuwa an riga an kayar da wanda kuke wakilta, kuma kotun sama tana ɗaukar hukuncin ƙasa daidai ne sai an nuna mata akasin haka. Saboda haka abu biyu ne a wuyanku: ku nuna inda alƙali ya yi kuskure, sannan ku nuna cewa ba don wannan kuskuren ba da hukuncin ya sauya. Ɗalibai da yawa suna cika na farko su manta da na biyu. Amsa ta 8 ta tsaya a kan haka.

2. Wace irin matsala ake bayarwa, kuma ta ina ake fara karanta ta?

Ga misalin da za mu yi aiki da shi, ƙirƙirarre ne. Wajen ƙarfe tara da rabi na dare, an ɗauke wuta, mutum biyu suka shiga shagon kayan masarufi a Tudun Wada, ɗaya riƙe da bindiga, suka kwashe cinikin ranar. Bayan kwana tara aka kama wani matashi mai tuƙa keke a Rigasa. Mai shagon, wanda shi ne shaida na farko, ya ce bai san ɓarayin ba a da, amma ya ga fuskar ɗaya da hasken tocila. Da aka kira shi caji ofis ya tarar da matashin zaune shi kaɗai a bayan kanta da ankwa a hannu, ya ce shi ne. Ɗan sanda mai bincike, shaida na biyu, ba ya jin Hausa, matashin kuma ba ya jin Turanci, don haka wani ɗan sandan ya yi tafinta, mai binciken ya rubuta bayanin da Turanci, matashin ya dangwala yatsa. Bayanin amsa laifi ne, an karɓe shi a kotu da lamba A, lauyan da ke kare shi bai yi suka ba. Ba a kira tafintan ya ba da shaida ba. Ba a samu bindiga ko kuɗi a wurin matashin ba, kuma a kotu ya ce bai faɗi abin da ke cikin takardar ba. Babbar Kotun Jiha ta same shi da laifin fashi da makami, ta yanke masa hukuncin kisa.

Dalilan ɗaukaka ƙarar uku ne. Na ɗaya, alƙali ya yi kuskure da ya karɓi takardar A ya kuma dogara da ita. Na biyu, ya yi kuskure da ya amince da shaidar ganewa ba tare da faretin tantancewa ba, wato jera wanda ake zargi cikin wasu mutane don shaida ya nuna shi. Na uku shi ne dalilin nan na gama-gari, cewa hukuncin bai dace da hankali ba kuma shaidar da ke gaban kotu ba ta ɗauke shi ba.

Ku fara da dalilan, kada ku fara da labarin. Sannan ku koma kan labarin da biro, kowane sakin layi ku rubuta a gefensa dalilin da ya shafa. Abin da ba a faɗa ba ma ku lura da shi, domin masu tsara matsala da gangan suke yin shiru a wasu wurare. A misalinmu ba a faɗi tsawon lokacin da mai shago ya ga fuskar ba, ba a kuma ce ya siffanta ɓarawon ga 'yan sanda a daren ba.

3. Yaya zan rubuta bayanin abin da ya faru ya taimaki ɓangarena ba tare da na yi ƙarya ba?

Da zaɓi da jeri, ba da ƙari ba. Duk jimlar da kuka rubuta dole a iya nuna ta a cikin matsalar, kuma ku sa lambar sakin layi ko shafin kundi a ƙarshenta. Abin da ke hannunku shi ne abin da za ku sa a gaba, abin da za ku ba fili, da abin da za ku faɗa a gajarce. Ɓangaren gwamnati zai buɗe da bindiga da firgicin mai shago. Ku kuwa ku faɗi fashin a jimla biyu, domin ba ku musun an yi shi, sannan ku zauna a kan duhu, da tocila, da kwana taran nan, da abin da ya gudana a caji ofis.

Dubi jimloli biyu a kan abu ɗaya. Ta farko: "'Yan sanda sun ƙaga wa mai ɗaukaka ƙara bayanin ƙarya da harshen da ba ya ji." Wannan zargi ne, babu shi a kundi, kuma alƙalin gasa zai ja layi a ƙarƙashinta. Ta biyu: "Mai ɗaukaka ƙara ya yi magana da Hausa. Shaida na biyu, wanda ya rubuta takardar A, ya amsa cewa ba ya jin Hausa. Wanda ya yi tafinta tsakaninsu bai ba da shaida ba." Babu kalmar suka ko ɗaya a ciki, amma duk mai karatu ya riga ya ga inda aka nufa. Haka ake so. Kalmomi irin su "a fili yake", "bisa zalunci", "abin mamaki" ku ajiye su, ba nan ne wurinsu ba.

Ku rufe wannan sashe da tarihin shari'ar a taƙaice: tuhumar da dokar da aka yi ta a ƙarƙashinta, yawan shaidu, abin da alƙali ya dogara da shi, hukuncin, da shigar da takardar ɗaukaka ƙara mai dalilai uku. Shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar a yawancin gasanni.

4. To abubuwan da ba su yi mana daɗi ba fa, in bar su?

A'a. A misalinmu abu biyu ne masu ciwo: lauya bai soki takardar A ba lokacin da aka miƙa ta, kuma mai shago ya nuna matashin babu ɗar. Idan kuka ɓoye su, ɗaya ɓangaren zai fito da su, kuma daga nan alƙali ya daina yarda da sauran bayaninku. Ku faɗe su da bakinku, amma kowanne kusa da abin da ke rage masa kaifi: "Shaida na farko ya nuna mai ɗaukaka ƙara a caji ofis, inda ya same shi shi kaɗai a bayan kanta da ankwa." Yadda za a amsa rashin sukar kuma yana amsa ta 8.

5. Mene ne bambancin dalilin ɗaukaka ƙara da batun da kotu za ta warware?

Dalili ƙorafi ne a kan hukunci: alƙali ya yi kuskure kaza. Batu, wanda ɗalibai ke kira ishu, tambaya ce da kuke ajiyewa a gaban kotu, wadda amsarta za ta yanke ɗaukaka ƙarar ko wani yanki nata. A kotunan ɗaukaka ƙara na Najeriya hujja a kan batutuwa ake gina ta, ba a kan dalilai kai tsaye ba, kuma akwai ƙa'idoji da kotuna suka sha nanatawa. Kowane batu dole ya fito daga dalili, in ba haka ba a yi watsi da shi tare da hujjarsa. Batu ɗaya yana iya tattara dalilai biyu ko fiye, amma ba a fitar da batu biyu daga dalili ɗaya, don haka batutuwa ba za su fi dalilai yawa ba. Dalilin da ba a ciro batu daga gare shi ba kuwa ana ɗaukar an yi watsi da shi.

Saboda haka a ƙarshen kowane batu ku rubuta dalilin da ya fito daga ciki. A misalinmu batu biyu sun isa: na farko daga dalili na 1, na biyu daga dalilai na 2 da na 3. Wani ɗalibi zai so ya ƙara batu a kan cewa an doki matashin kafin ya dangwala. Babu dalilin da ya taɓo haka, ba a kuma tayar da shi a kotun ƙasa ba, sabon batu kuwa sai da izinin kotu. Ku bar shi, ko da zuciya tana ja.

6. Yaya ake tsara kalmomin batu?

Batu mai kyau yana ɗauke da doka da kuma gaskiyar da ta fi nauyi, a jimla guda da za a iya amsawa da e ko a'a. "Shin alƙali ya yi daidai?" ba batu ba ne, domin zai shiga kowace shari'a. Haka ma wanda ya kai layi takwas ya kwashe dukan hujjar. Ga namu:

Batu na ɗaya: Shin kotun ƙasa ta yi daidai da ta karɓi takardar A ta kuma dogara da ita, alhali ta bakin tafinta aka ɗauke ta kuma ba a kira tafintan ya ba da shaida ba? Batu na biyu: Shin shaidar ganewa da shaida na farko ya bayar, a duhu kuma ba tare da faretin tantancewa ba, ta tabbatar ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba cewa mai ɗaukaka ƙara yana cikin 'yan fashin?

Ku lura da jerin. Takardar A ce ginshiƙin hukuncin, don haka ita ake fara tunkara. Idan ta faɗi, batu na biyu yana tsayawa a kan shaida ɗaya tak, kuma aikinku ya yi sauƙi. Da an juya jerin, sai alƙali ya riƙa karanta sukar ganewa yana cewa a ransa, ai ya amsa laifinsa.

7. Yaya ake gina hujja a ƙarƙashin batu? A nuna mana da batu na ɗaya.

Ku buɗe da amsar da kuke so: muna roƙon kotu ta amsa da a'a. Sai doka, sai ɗora ta a kan kundi, sai amsa wa abokin hamayya, sai rufewa. A nan dokar tana farawa daga sashe na 37 da na 38 na Dokar Shaida ta 2011, waɗanda suka bayyana shaidar da mutum ya ji daga bakin wani suka kuma hana karɓarta sai inda doka ta keɓe. Sannan hukuncin Kotun Ƙoli a FRN v. Usman (2012) 8 NWLR (Pt. 1301) 141, inda ta tabbatar cewa bayanin da aka ɗauka ta hanyar tafinta ba ya karɓuwa sai an kira tafintan tare da wanda ya rubuta. Ƙa'idar tsohuwa ce, tana nan tun R. v. Gidado (1940) 6 WACA 60.

Yanzu wurin da maki yake. Kada ku jera shari'u goma ku ce "don haka". Ku bayyana dalilin ƙa'idar, ku sa matashin nan a cikinta. Shaida na biyu bai ji abin da matashin ya faɗa ba, sautin Hausa kawai ya ji. Abin da ya fahimta ya kuma rubuta shi ne abin da tafinta ya gaya masa. Ke nan takardar A maganar tafinta ce a kan abin da ya ce an ce. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya rantsuwa cewa Turancin da ke takardar ya yi daidai da Hausar da aka furta, kuma shi ne ba a kawo ba, balle a yi masa tambayoyi. Ku tuna yadda ɗan bambanci ke sauya ma'ana: "na kai su wurin" daga bakin mai tuƙa keke yana iya nufin fasinja ya ɗauka, a fassara kuma ya koma shiga cikin ƙulli. Irin wannan misali kuna iya kawo shi don haskaka haɗarin, amma ku fito fili cewa misali ne, kada ya yi kama da abin da ke kundi.

Ku kuma san iyakar ƙa'idar, domin alƙalin gasa zai gwada ku a kai. Da ɗan sandan da ya rubuta yana jin Hausa, shi ya ji, shi ya fassara, ya kuma zo ya ba da shaida, da wannan hujja ba ta da wurin zama. Shi ya sa amsar shaida na biyu cewa ba ya jin Hausa ta cancanci lambar sakin layinta a bayani da kuma a hujja.

8. Gwamnati za ta ce ba a yi suka ba, kuma ko babu takardar A hukuncin zai tsaya. Me zan ce?

Waɗannan su ne manyan makamansu biyu, kuma memoriyal ɗin da bai tare su ba ragagge ne. A kan na farko, kotuna sun raba shaida gida biyu: wadda ake iya karɓa idan an cika wasu sharuɗɗa, da wadda doka ta hana ɗungurungum. Rashin suka yana iya rufe baki a kan ta farko. Ta biyu kuwa shirun lauya ba ya halatta ta, kuma kotun sama tana da ikon cire ta daga kundi. Aikinku shi ne ku nuna takardar A tana gida na biyu, tunda sashe na 38 ne da kansa ya hana ta.

Na biyu ya fito daga sashe na 251 na Dokar Shaida, wanda ya ce karɓar shaida bisa kuskure shi kaɗai ba ya rushe hukunci idan ya bayyana cewa hukuncin ba zai sauya ba ko da ba a karɓe ta ba. Nan ne abu na biyu da na ambata a amsa ta 1 yake shigowa. Ku koma kan kalmomin alƙali, ku ciro inda ya ce takardar A ta ƙarfafa shaidar mai shago, ko ita ta kawar masa da shakka. Idan shi da kansa ya jingina ganewar a jikin takardar, babu mai iya cewa hukuncin zai tsaya bayan an zare ta. Daga nan sai ku miƙa zaren ga batu na biyu.

9. A batu na biyu, ba an ce kotun sama ba ta taɓa abin da alƙali ya gani da idonsa ba?

Haka ne a asali. Alƙalin ƙasa ne ya ga shaidu ya ji su, kuma kotun sama ba ta saurin sauya ra'ayinsa a kan wa ya faɗi gaskiya. Don haka kada ku ce mai shago maƙaryaci ne. Ku ce mutumin kirki ne da zai iya kuskure, kuma kuskuren alƙali shi ne bai auna shaidar da ma'aunin da doka ta ajiye ba. Wannan kotun sama tana iya gyarawa.

Ku fara da nauyin da ke kan mai gabatar da ƙara: sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da sashe na 135 na Dokar Shaida. Sai rukunan fashi da makami uku kamar yadda suke a Bozin v. State (1985) 2 NWLR (Pt. 8) 465: an yi fashi, da makami aka yi, wanda ake tuhuma yana cikin masu yi. Ku amince da biyun farko a jimla ɗaya, wannan yana ƙara muku kwarjini, ku zuba ƙarfinku a na uku. Ikemson v. State (1989) 3 NWLR (Pt. 110) 455 ta nuna lokacin da fareti yake zama dole, ciki har da inda wanda aka yi wa laifi bai san mai laifin ba a da, ko ganin da ya yi masa ɗan taƙaitacce ne. Sai ku jera abin da ke kundi: baƙo ne, dare ne, babu wuta, akwai bindiga a gabansa, kwana tara sun wuce, sannan aka nuna masa mutum ɗaya da ankwa. Inda matsalar ta yi shiru, kamar tsawon ganin da na ambata a amsa ta 2, kada ku ce daƙiƙa biyar ne. Ku ce babu shaida a kai, kuma mai gabatar da ƙara ne ya kamata ya kawo ta.

10. Shari'u nawa zan kawo, kuma in na ci karo da wadda ta saba mini fa?

Biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowace gaɓa sun fi goma da ba ku karanta ba. Hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure Kotun Ɗaukaka Ƙara, na Ingila kuwa jan hankali kawai yake yi, don haka ku sa na gida a gaba. Ku karanta hukuncin kansa, kada ku tsaya a taƙaitawar da ke farkon rahoto, domin sau da yawa jimlar da ta burge ku alƙali ya faɗe ta ne a wucewa, ba a kanta aka yanke shari'ar ba. Ku duba shekara da lambar kashi da shafi sau biyu kafin ku miƙa.

Wadda ta saba muku, ku kawo ta ku bambanta ta. Za a kawo muku hukunce-hukuncen da suka ce amsa laifi shi kaɗai ya isa a hukunta mutum ko da ya janye daga baya. Gaskiya ne, amma suna magana ne a kan bayanin da ya shiga kundi ta halastacciyar hanya. Naku ƙorafin a kan shigar ne tun farko.

11. Me zan roƙa a ƙarshe?

Ku taƙaita dalilan da suka sa za a amince da ƙarar, layi ɗaya ga kowace gaɓa, sannan roƙo a jere: a amince da ɗaukaka ƙarar, a cire takardar A daga kundi, a soke samun laifin da hukuncin kisa, a sallami mai ɗaukaka ƙara a kuma wanke shi. Kada ku roƙi abin da hujjarku ba ta kai gare shi ba, irin su diyya.

Ku yi tunani sosai kafin ku sa roƙon a sake shari'a a matsayin madadi. A misalinmu hakan zai ba gwamnati damar kawo tafintan da ta kasa kawowa a karon farko, matashin kuma ya sake fuskantar hukuncin kisa. Ku bar ɗaya ɓangaren ya nema, ku kuma ku tanadi sakin layi guda da ke cewa ba a ba mai gabatar da ƙara zagaye na biyu don ya cike giɓin da shi ya bari a shaidarsa.